Babi na Shida: Mai Kaya Ya Ce Zai Mayar da Kuɗi, Amma Ba Su Shigo Ba

Darasi na 1: Hanyar da kuɗin suke bi

Ka sayi kaya ta intanet, ka biya da katin banki. Kayan ba su zo ba, ko sun zo ba irin waɗanda ka zaɓa ba. Mai kaya ya ce zai mayar maka da kuɗinka. Ka duba waya yau, ka duba gobe, babu alat.

Kwantar da hankalinka tukuna. Mayar da kuɗin kati ba irin taransifa ba ce da take shiga nan take. Kuɗin suna komawa ne ta hanyar da suka fita. Daga mai kaya sai kamfanin da yake karɓar masa kuɗi, irin su Paystack ko Flutterwave ko Interswitch. Daga nan sai kamfanin katin. Ɗauko katinka yanzu ka duba gabansa, za ka ga an rubuta Verve ko Mastercard ko Visa. Wannan shi ne kamfanin katin. Daga wurinsa sai bankinka, sannan asusunka. Kowane zango yana da lokacinsa, kuma yawancinsu ba sa kammala irin wannan aiki a ƙarshen mako.

Bisa al'ada, kuɗi suna shigowa cikin kwanakin aiki 5 zuwa 10. Idan mai kayan a ƙasar waje yake, abin yana iya kai wa kwana 30.

Darasi na 2: Daga yaushe ake fara ƙirga?

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Ba abin kunya ba ne in ka karanta wannan darasi sau biyu ko uku.

Ranar da mai kaya ya yi alkawari daban take da ranar da ya tura kuɗin. Saƙonsu yakan zo da Turanci. Idan ka ga "Refund approved", ma'anarsa sun amince za su biya, amma kuɗin suna hannunsu har yanzu. Idan ka ga "Refund processed" ko "Refund issued", to sun saki kuɗin, sun kama hanya. Daga wannan rana ta biyu ake ƙirga. Ranar alkawari ba ta cikin lissafi.

Abu na biyu, kwanakin aiki kaɗai ake ƙirgawa, wato Litinin zuwa Juma'a. Asabar da Lahadi ba sa ciki. Hutun Sallah, Kirsimeti, Maulidi, da duk ranar da gwamnati ta ba da hutu, ba sa ciki.

Mu gwada da misali. Wata mata ta sayi takalmi na naira 18,500 da katinta. Ya zo bai yi mata daidai ba, ta mayar ranar Litinin 3 ga wata. Ranar Alhamis 6 ga wata aka aiko mata da "Refund approved". Sai ranar Juma'a 14 ga wata ta ga "Refund processed". Daga ina za ta fara? Daga 14. Ita ranar 14 ɗin ba a sa ta a lissafi, ranar aiki da ta biyo bayanta ita ce ta ɗaya. Asabar 15 da Lahadi 16 a tsallake su. Litinin 17 ita ce ɗaya, Juma'a 21 ita ce biyar. A sake tsallake Asabar da Lahadi. Litinin 24 ita ce shida, Juma'a 28 ita ce goma. Ke nan in kuɗin suka shigo ranar 28, ba su makara ba, duk da cewa kwana 22 ke nan da aka yi mata alkawari.

Ɗauki kalanda da biro. Kewaye ranar da aka rubuta "processed". Soke kowace Asabar da Lahadi. Sa yatsa ka ƙirga goma. Yi wannan da hannunka, kada ka yi da ka.

Yanzu amsa: an ce "approved" ranar Talata, an ce "processed" ranar Alhamis, wacce ce ranar farko ta ƙirga? Juma'a. In ka ce Laraba, koma farkon darasin. Mutane da yawa suna kashe kuɗin mota, su bi dogon layi a banki tun kwana uku da alkawari, a ce musu su koma gida. Ba laifin ma'aikacin banki ba ne, kuɗin ba su baro mai kaya ba. An faɗa, za a sake faɗa: daga ranar turawa ake ƙirga, kuma kwanakin aiki kawai.

Darasi na 3: Kwana goma sun cika

Kafin ka yi wa kowa magana, duba wurare uku. Na farko, bayanin shige da ficen asusunka, a manhajar banki ko a takarda. Kada ka dogara da alat, domin saƙo yana iya ƙin zuwa alhali kuɗi sun shiga. Wani lokaci ma kuɗin an riƙe su ne kawai, ba a cire ba, sai a sake su shiru, ka ga jimillar kuɗinka ta ƙaru ba tare da wani saƙo ba. Na biyu, tabbatar asusun da kake dubawa shi ne na katin da ka biya da shi. In katin ya ƙare aiki an ba ka sabo, kuɗin dai asusun za su nufa. Na uku, buɗe shafin mai kayan. Wasu suna zuba kuɗin a jakar sayayyarka ta cikin shafinsu, ba a kati ba.

In babu su a ko'ina, rubuta wa mai kaya ka nemi abu biyu: ranar da ya tura, da lambar ARN. Lamba ce mai alƙaluma 23 da ake bin sawun kuɗin katin Visa da Mastercard da ita. Wasu za su ba ka RRN mai alƙaluma 12, ita ma karɓi. Kwafe ta a takarda, ka karanta ta sau biyu, domin alƙalami ɗaya in ya kuskure ba za a ga komai ba. Mai kayan da ya tura da gaske yana iya samo lambar daga kamfanin da yake karɓar masa kuɗi. Wanda yake ta cewa "ka ƙara haƙuri" mako bayan mako ba tare da lamba ba, alama ce bai tura ba.

A rubuce za ka yi, ba ta kira ba. Ɗauki hoton kowane saƙo ka adana.

Darasi na 4: A banki

Je wurin masu kula da abokan hulɗa da lambar, da hoton saƙon alkawari, da ranar sayayya da adadin kuɗin. In mai kaya ya ƙi ba da lamba, ce kana so a shigar da ƙorafin janyo kuɗi daga mai kaya, a fom ɗin za ka ga "dispute" ko "chargeback". Wannan yana da wa'adi, galibi kwana 120, don haka kada ka zauna wata huɗu kana jiran alkawari. Kada ka fito sai an ba ka lambar ƙorafi.

In mako biyu suka wuce banki bai warware ba, rubuta wa sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Najeriya a cpd@cbn.gov.ng, ka sa lambar ƙorafin. Ƙorafi kan shi mai kayan kuma, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, wato FCCPC, ake kai wa.

Darasi na 5: Masu kira

Mayar da kuɗi ba ya buƙatar PIN, ko OTP, ko alƙaluma uku na bayan kati. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa su don ya saki kuɗinka, ɗan damfara ne. Kashe wayar.

Aikin gida: an rubuta "Refund processed" ranar Laraba 5 ga wata, babu hutu a watan. Nemo ranar aiki ta goma.