Kurakuran da Masu Buga Tsofaffin Gem a Waya da Kwamfuta Suka Fi Yi

Duk wanda ya taso a Kano a zamanin gidajen gem ya san PlayStation 2 da PSP. Yanzu na'urorin sun yi wuyar samu da lafiyarsu, sai matasa suka koma buga wasannin a waya da laftof ta hanyar manhajar da ake kira emuleta. Aikinta shi ne ta kwaikwayi tsohuwar na'ura, har wasan ya ɗauka a gidansa yake. PPSSPP ce ke kwaikwayon PSP, PCSX2 kuma PlayStation 2. Mafi yawan asarar da nake gani, ta data, ta waya, da ta wasannin kansu, daga rashin bambance abu uku take tasowa: manhajar kanta, da BIOS ɗin na'urar, da fayil ɗin wasan. Kowanne da hukuncinsa.

Kuskure na farko shi ne yi musu kuɗin goro. Wani ya ce duk haramun ne a doka, wani ya ce duk halal ne tunda kyauta ake samu. Manhajar kamar rikoda ce da babu kaset a ciki: ba ta ɗauke da wasan kowa. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a ƙarar da Sony ya shigar kan manhajarsa mai kwaikwayon PlayStation ta farko, kuma a kan wannan hukunci yawancin masu ƙera emuleta suke dogara har yau. Shi ya sa PPSSPP take zaune a Play Store a fili. Amma a lura, hukuncin kotun Amurka ba ya ɗaure alƙali a Najeriya. Mu abin da ya shafe mu shi ne dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda take kare manhajojin kwamfuta, kuma ta hana karya makullin da mai abu ya sa don kada a kwafa.

Wannan makullin shi ne ya kayar da Yuzu, mai kwaikwayon Nintendo Switch. Ba ta iya buɗe wasa sai da mabuɗan sirrin da aka ciro daga na'urar Nintendo, kuma wasannin suna kasuwa ana sayar da su. Nintendo ya kai ƙara a farkon 2024, masu Yuzu suka yarda su biya dala miliyan 2.4, suka rufe. To, idan emuleta tana neman ka nemo mata mabuɗan na'urar da har yanzu ake ciniki, ka san ka bar fili ka shiga sarƙaƙiya.

BIOS kuwa ƙaramar manhaja ce da ke cikin na'urar, mallakin kamfanin da ya ƙera ta. PPSSPP ba ta buƙatarsa sam, don haka duk shafin da ya ce ka sauke BIOS na PPSSPP yaudararka yake yi. PCSX2 tana buƙata, kuma masu ita sun ce ka ciro shi daga PlayStation 2 ɗinka zuwa filasha, ba ka ɗebo na wani a intanet ba.

Kuskure na biyu almara ce da ta daɗe tana yawo, wai idan wasa ya tsufa ko an daina sayar da shi ya zama na kowa, ko wai za ka iya riƙe shi na awa 24 sannan ka goge. Babu dokar da ta faɗi haka. Haƙƙin mallaka shekaru da dama yake ɗauka, ya fi tsawon ran kowace na'urar gem da muka sani. Gaskiya ne ba a saba jin an gurfanar da wanda ya sauke wasa ɗaya ya buga a ɗakinsa ba, masu rarrabawa ake bi. A 2021 kotu a Amurka ta ci mai shafin RomUniverse tarar dala miliyan 2.1. Wanda wannan ya fi shafa a garin nan shi ne mai tura wa mutane wasanni a memori yana karɓar kuɗi, domin ya tashi daga mai bugawa ya koma mai sayarwa.

Na uku shi ne wanda ya fi cin mutane, kuma a nan zan tsaya. Yaro ya ga bidiyo an rubuta “GTA 5 PPSSPP 50MB”, ko wani sabon PES mai ɗauke da ’yan wasan bana. Ya bi adireshin, shafi ya jefa shi wani shafin, talla ta biyo talla, daga ƙarshe ya sauke fayil, aka ce kalmar sirrin buɗe shi tana wani bidiyon. Da ya buɗe, sai ga abu mai ƙarewa da .apk yana neman a girka shi.

Ga yadda za a gane ƙaryar tun kafin data ta ƙone. GTA 5 bai taɓa fitowa a PSP ba. Waɗanda suka fito su ne Liberty City Stories, Vice City Stories da Chinatown Wars. PES na ƙarshe a PSP shi ne na 2014, saboda haka duk wani mai shekarar da ta wuce wannan tsohon wasa ne da wasu suka sauya wa riguna da sunaye, babu hannun kamfanin Konami a ciki. Sannan a dubi girma. Faifan PSP yana ɗaukar har gigabait 1.8, manyan wasanni irin su GTA kuma ɗaruruwan megabait ne ko fiye da gigabait guda. Babu matsin da zai mayar da wannan 50MB ba tare da an yanke sauti da hotuna ba, in ma akwai wasan a ciki ke nan. Alama mafi ƙarfi ita ce wutsiyar sunan fayil. Wasan PSP yawanci da .iso ko .cso yake ƙarewa, kuma ba a girka shi, emuleta ce ke buɗe shi. Duk abin da ya zo da sunan wasan PSP amma ya ƙare da .apk ko .exe manhaja ce da ba ka san wanda ya rubuta ta ba. Idan ka girka ta kuma ta nemi izinin karanta saƙonninka, to lambar da banki ke turo maka ma za ta iya gani. Wanda ya riga ya girka, ya cire ta nan take, ya duba jerin manhajojin da aka ba izinin saƙo da na sarrafa waya, ya sauya kalmomin sirrinsa na banki da na imel daga wata wayar. Idan tallace-tallace suka ci gaba da faɗowa a fuskar wayar, ya kwashe hotunansa ya goge ta gaba ɗaya. Ita emuletar ma daga Play Store ko shafin masu ita kaɗai za a ɗauko ta, ba wadda aboki ya turo ba.

Na huɗu shi ne zaton cewa wasa yana nan har abada tunda ana ganinsa a intanet, ko tunda faifan yana cikin akwati. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Wasu lasisi ne ya kashe su: wasan ƙwallo ko na tsere hayar sunayen ƙungiyoyi, motoci da waƙoƙi yake yi, in wa'adi ya cika sai a janye shi daga kasuwa. Wasu shagon ne aka rufe, kamar yadda Nintendo ya rufe na 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft kuma na Xbox 360 a Yulin 2024. Mafi ciwo su ne waɗanda ba sa tashi sai da sabar kamfani, wato kwamfutar da wasan ke jonuwa da ita ta intanet. Da Ubisoft ya kashe sabar The Crew a 2024, har wanda ya sayi faifai da kuɗinsa ya kasa bugawa.

Na cikin akwati kuwa zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga masa. Faifan da aka kwafa a kan DVD-R, wanda shi ne mafi yawan abin da aka buga a gidajen gem ɗinmu, rini ne a cikinsa, zafi da rana suna kashe shi tun kafin na asali. Batirin PSP yana kumbura har ya ɗaga murfi, gara a cire shi in za a ajiye na'urar.

Gyaran shi ne mai faifan asali ya kwafe abinsa tun yana karantuwa, don amfanin kansa. Faifan DVD na PlayStation 2 bai da wuya. A goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, a sa shi a laftof mai gurbin faifai, ko a sayi gurbin da ake jonawa ta USB a kasuwar kayan kwamfuta. A manhajar ImgBurn a zaɓi “Create image file from disc”, zai fitar da fayil .iso. Idan ya fara ƙorafin wani sashe bai karantu ba, kada a ce masa ya tsallake, a sake gogewa a rage gudun karatun. Kwafin da aka tsallake wa sashe yakan tashi lafiya, sai an kai tsakiyar wasa ya daskare. Da an gama, a fitar da lambar tantancewa a Command Prompt na Windows:

```
certutil -hashfile wasa.iso SHA1
```

A kwatanta lambar da wadda ke shafin Redump, inda masu adana wasanni suke tattara lambobin faifan asali, a nemi bugun da ya dace da lambar da ke jikin faifan, kamar SLES na Turai ko SLUS na Amurka. In sun zo daidai harafi da harafi, kwafinka cikakke ne. In sun saɓa, mai yiwuwa karatun ne ya sami tangarɗa, ko kuma faifan dama kwafi ne da aka taɓa. A ajiye fayil ɗin wuri biyu, ba filasha ɗaya ba, kuma kada a watsa shi a zaurukan WhatsApp, nan ne adanawa take komawa rarrabawa.

Akwai kuma ƙaramin kuskure mai sa kuka: dogaro da “Save State” kaɗai. Hoton halin da emuleta take ciki ne a daidai lokacin, kuma yana iya ƙin buɗewa bayan an sabunta manhajar. A riƙa adanawa daga cikin wasan kansa ma. A PPSSPP wannan ajiyar tana cikin PSP/SAVEDATA, a kwafe ta zuwa wani wuri kafin a cire manhajar ko a kai waya gyara Farm Center, domin a wasu wayoyin cire manhajar yana tafiya da ajiyar duka.