Kyautar salla da ke cinye ribar mai turare

Duk azumi sai na ga sababbin masu sayar da turare a Damagaram sun cika sitatus da "Kyauta! Kyauta ga kowa!" Ba sharaɗi, ba adadi, ba ranar rufewa. Wannan kalmar "kowa" ta taɓa cinye mini ribar salla ɗungurungum, shi ya sa ba na iya yin shiru a kanta.

Ƴar'uwa, ki zauna ki yi lissafi. A ce kwalbar humra kina sayar da ita sefa 5,000, ribarki 1,500. Kin ɗora ɗan turaren wuta na 1,000 a matsayin kyauta, kin kuma biya ɗan kabu-kabu 500 ya kai Birni. Me ya rage miki? Gajiya kawai. Kuma da yake kin ce "kowa", wadda ta sayi turaren 500 ma za ta miƙo hannu, in kin hana ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Ni dai kyautata ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na riba. Ƴar kwalbar mili 3 nake bayarwa, ta ƙamshin da nake son a dawo a saya bayan salla, kuma sai ciniki ya kai jaka biyar, wato sefa 5,000. Kuɗin kai kaya na mai saye ne.

Sai lokaci. Wasu sai 27 ga azumi suke farkawa, bayan tela da takalman yara sun kwashe kuɗin gida. Haba! A lokacin wa zai saurare ki? Wajen 10 ga wata nake fara shelar, ba farashi tukuna: "Humrar salla ta tsumu. Akwai ɗan tukuici ga masu rigan zuwa, ku dakace mu ranar Juma'a."

Ranar buɗewa a faɗi komai ƙarara: "Sayayyar jaka 5 zuwa sama, kyautar turare mili 3. Kwalba 40 ne kawai, muna rufewa 25 ga azumi." A tsakiya ki nuna abin da ya rage, amma na gaskiya, don garin nan an san juna: "Saura kwalba 12. Mai son ta yi wa uwar miji ko ƙawa tsarabar salla, muna ɗaure mata." Ranar ƙarshe gajere ya isa: "Yau bayan tarawi muke rufewa." In kin rufe, ki rufe ɗin. Kin ƙara kwana biyu, baɗi ba wadda za ta yi gaggawa.

Ki riƙa sa sitatus bayan shan ruwa, da rana mutane na fama da ƙishi. Kada ki sa hoton mai saye ba da izininta ba. Ki naɗe murfin kwalba da salatif kafin ki ba ɗan kabu-kabu, don turaren mai yana yoyo idan ya sha rana da girgiza.