Yadda ake zana matakan aiki da jadawalin lokaci ba tare da kibiyoyi sun tsinke ba

A biro-biro na ƙungiyoyi da wuraren buga takardu na Maradi, za ka ga zane mai kyau a fuskar kwamfuta: akwatuna a jere, kibiyoyi a tsakani. Amma da zarar shugaba ya ce a matsar da akwati ɗaya, sai kibiyar ta tsaya inda take tana nuna fili. Dalili kuwa ba a ɗaure ta ba, an dai ajiye ta kusa da akwatin. Ga yadda ake ɗaurin a PowerPoint. Sunayen da zan ambata na Faransanci ne, tun da su ne a yawancin kwamfutocinmu.

Mu ɗauki aikin wata ƙungiyar mata masu man gujiya. Matakansu: sayen gujiya, duba ko ta bushe, suya, niƙa a inji, matsar mai, sai tuyar ƙuli-ƙuli. In ba ta bushe ba, a shanya ta a sake dubawa. Rubuta wannan a takarda tukuna, don mai zane yana tunanin matakai a lokaci guda aiki biyu yake yi.

Fara da akwatuna, kada ka taɓa kibiya yanzu. Shiga Insertion, sai Formes, ka zana akwati ɗaya, ka rubuta "Sayen gujiya" a cikinsa. A cikinsa fa, wato ka danna akwatin ka hau rubutu, ba ka ɗora wani rubutu dabam a kansa ba, in ba haka ba ranar da ka ja akwatin rubutun zai zauna a baya. Daidaita girmansa da launinsa, sannan ka danna Ctrl+D ka samu irinsa na sauran matakan. Wurin tambayar "Ta bushe?" kuwa, ɗauki siffar nan mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan tsini, tana cikin rukunin Organigramme. Duk wanda ya saba karanta irin wannan zane ya san nan ne hanya take rabuwa biyu.

Yanzu ɗauri. Koma Formes, cikin rukunin Lignes, ka zaɓi kibiya miƙaƙƙiya. Kai linzami kan akwatin farko, kada ka danna tukuna. Za ka ga ƴan ɗigo sun fito a gefunansa, guda huɗu: sama, ƙasa, dama da hagu. Waɗannan su ne maɗaurai. Danna kan ɗigon dama, riƙe, ja zuwa siffa ta biyu har nata ɗigogin su bayyana, ka saki daidai kan na hagu.

Ta yaya za ka san ta kama? Danna kibiyar ka dubi bakunanta biyu. Bakin da ya ɗauru yana nuna ɗigo kore, a tsohon Office na 2007 da 2010 kuma ja. Wanda bai kama ba fari ne, ko da a ido ya taɓa akwatin. Nan ne mutane suka fi ruɗuwa, don tazarar ba ta kai a gan ta ba. In ka ga fari, kama wannan bakin ka ja shi kan ɗigon akwatin har ya sauya launi. Gwajin da ya fi kowane shi ne ka ja akwatin sama ko ƙasa: kibiyar ta biyo shi, to ta ɗauru. Sai ka danna Ctrl+Z ya koma mazauninsa.

Ba duk abin da ke cikin Lignes ne yake ɗauruwa ba. Miƙaƙƙu, masu gwiwa da masu lanƙwasa suna kamawa. Na ƙarshen jerin, waɗanda ake zanawa da hannu, ba su kamawa. Haka ma manyan kibiyoyin nan masu kauri da ke cikin Flèches pleines, siffofi ne kamar akwati, ko kusa ba su bin kowa.

Hanyar komawa baya ta fi son kulawa. Ajiye akwatin "Shanya" ƙarƙashin na "Sayen gujiya". Daga ɗigon ƙasa na siffar tambaya, ja kibiya mai gwiwa zuwa ɗigon dama na "Shanya". Ta biyu kuma ta fita daga "Shanya" ta koma wa tambayar. In ta ratsa ta cikin wani akwati, duba jikinta, akwai ɗigo rawaya da ake ja a matsar da gwiwar. In abin ya ƙi, sauya mata maɗauri. Kalmomin "I" da "A'a" kuwa dole a rubuta su cikin Zone de texte, domin kibiyar PowerPoint ba ta ɗaukar rubutu, kuma ba za su bi ta ba in ta motsa. Su kaɗai ne za ka riƙa gyarawa da hannu.

Wani lokaci kibiya za ta ɗan karkace kamar an taka ta. Kada ka kama ta da linzami don miƙewa, jan jikinta yana kwance bakunan duka biyu. Laifin na akwatunan ne, ɗaya ya ɗara ɗaya tsayi a shafin. Riƙe maɓallin Maj, wato Shift, ka zaɓi akwatunan da ke jere ɗaya, ka shiga Aligner, ka danna Aligner au milieu, sannan Distribuer horizontalement don tazara ta zo daidai. Kibiyoyin za su miƙe da kansu.

Amfanin duk wannan yana fitowa ranar da shugabar ƙungiya ta ce, "Malam, ai ka manta da cire ɓawo bayan suya." Sai ka tura akwatunan gaba, kibiyoyinsu na biye, ka saka sabon akwati, ka cire bakin kibiyar da ta shiga "Niƙa" ka ɗaura shi kan sabon, ka ƙara kibiya ɗaya. Shi ke nan.

Jadawalin lokaci yana da nasa tarko. Mutum zai ja dogon layi ɗaya ya so ya rataya abubuwa a tsakiyarsa, alhali tsakiyar layi ba ta da maɗauri. Abin yi shi ne ƙananan da'irori: riƙe Maj lokacin zanawa don ta fito zagaye sosai, ka kwafa, ka haɗa kowace da ta gabanta da layi miƙaƙƙe. A ce ƙungiyar tana son nuna shuka a Yuni, girbi a Oktoba, fara matsar mai a Nuwamba. In ka yi da'ira 3 kawai ka raba su daidai, zanen ya yi ƙarya, ya nuna wata 4 da wata 1 tsawonsu ɗaya. Yi da'ira 6, kowane wata da tasa daga Yuni zuwa Nuwamba, ka raba su daidai, ka sa wa ukun da ke da aiki launi mai duhu. Bayanin kowane aiki ya shiga akwatinsa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa don kada su cunkushe, ka ɗaure shi da da'irarsa. In girbi ya ja zuwa Nuwamba, bakin layin kawai za ka mayar kan da'ira ta gaba.

Masu rubuta rahoto a Word su lura: a can ɗigogin ba su fitowa a kan shafi haka kawai. Sai ka shiga Insertion, Formes, ka sauka can ƙasa ka danna Nouvelle zone de dessin, ka yi duk zanen cikin filin da ya buɗe. Siffar da aka riga aka zana a waje, yanke ta da Ctrl+X, danna cikin filin, ka liƙa da Ctrl+V, sannan ka ɗaura mata kibiya.