Yadda za ka riƙe ragamar sabunta Windows ba tare da ka kashe ta ba

Yawancin 'yan uwanmu da ke aiki da kwamfuta a nan Makka da Madina da Jidda, in suka ji tsoron sabuntawa, hanya ɗaya suke bi. Wani ya nuna musu yadda ake shiga services.msc a kashe Windows Update, su kashe, su ce sun huta. Wannan ba taka-tsantsan ba ne. Sau da yawa Windows kan sake kunna abinta ba tare da ta gaya maka ba, sai ta zo ta yi aikinta a ranar da ba ka shirya ba. In kuma ta zauna a kashe, to ka bar ƙofa a buɗe. Cutar WannaCry da ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama a watan Mayun 2017, Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ta kama, galibinsu waɗanda ba su saka wannan gyaran ba ne.

Amma tsoron ma yana da tushe. A watan Oktoban 2018 babbar sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809 ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, har kamfanin ya janye ta na ɗan lokaci. Saboda haka ni abin da nake koya wa mutane shi ne su bar ta tana sabunta kanta, amma su ne za su zaɓi ranar. Bayanin nan na Windows 11 ne. In kwamfutarka da Larabci take, maɓallan suna nan a wuraren da zan ambata, sunayen ne kawai suka bambanta.

Kafin ka taɓa komai, nemo makullinka

Nan ne na fi ganin mutane suna faɗawa, don haka nan zan daɗe. Kwamfutoci da yawa na yanzu suna zuwa da rumbunsu a kulle da wani tsari mai suna BitLocker, ko Device encryption a wasu, kuma mai ita bai ma sani ba. Kullum tana buɗewa lafiya, domin akwai wata 'yar na'ura a cikinta, TPM, da ke sakin makullin idan ta ga komai yana yadda ta san shi. Ranar da wata sabuntawa ta taɓa yadda kwamfutar ke tashi, ko aka sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfutar kafin Windows ta buɗe, na'urar tana iya ƙin sakin makullin. Sai ka ga shuɗin allo yana neman lambobi 48, waɗanda su ne makullinka na ko-ta-kwana. Hakan ya faru ga wasu bayan sabuntawar watan Yulin 2024. Wanda yake da lambobin ya rubuta su ya ci gaba da aikinsa. Wanda ba shi da su, babu mai gyaran da zai buɗe masa rumbun, Microsoft ɗin ma ba zai iya ba. Abin da ya rage shi ne a wanke kwamfutar da duk abin da ke cikinta.

Mu nan abin ya fi shafarmu, saboda da yawanmu laftof na hannu muke saya, a haraj ko a wurin wani da zai koma gida. Lambobin nan a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar ake ajiye su. In tsohon mai ita ne ya saita ta, kai kuma ka ci gaba da amfani da ita haka nan, to makullinka yana hannun mutumin da wataƙila ba ka da ko lambar wayarsa.

Danna Start, rubuta cmd, ka zaɓi Run as administrator, sannan ka rubuta wannan:

```
manage-bde -status C:
```

In ka ga Protection On, a kulle take. Sai ka bi da wannan:

```
manage-bde -protectors -get C:
```

Ƙarƙashin Numerical Password za ka ga abu biyu. Akwai ID, akwai kuma Password, wato lambobi 48 ɗin, rukuni takwas, kowane rukuni lamba shida. Rubuta su da biro a takarda, tare da haruffa takwas na farkon ID ɗin, don shuɗin allon zai nuna maka ID ne ka gane wane makulli yake nema. Karanta su sau biyu bayan ka rubuta. Kada ka ajiye su a cikin kwamfutar da za ta kulle, na ga masu yin haka ba ɗaya ba. Ni ban yarda da hoto a waya kaɗai ba ma, waya tana ɓata a cunkoson Harami. Takardar ta zauna inda kake ajiye fasfo ɗinka.

Daga nan shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey da asusunka ka duba ko makullin yana can. In babu, kuma kwamfutar ta hannu ce, shawarata ka kwashe fayilolinka, ka sake ɗora Windows da asusunka na kanka. Zai ci maka yini guda, amma sau ɗaya ne.

Sanin ranar

Microsoft yana fitar da gyaran tsaro ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, da ƙarfe 10 na safe agogon yammacin Amurka. A agogon Saudiyya ƙarfe 8 na dare ke nan, ko 9 a lokacin sanyi. Shi ya sa mai shago kan zo ranar Laraba ko Alhamis da safe ya tarar da kwamfuta tana juyawa, ga masu saye suna jiran rasit. Abin yana da lokacinsa, kuma tun da ka san shi za ka iya riga shi.

Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin wannan Talatar, shiga Settings, ka je Windows Update, a wurin Pause updates ka zaɓi mako ɗaya. Kwana uku ko huɗu sun isa, in akwai babbar matsala a gyaran watan, labarinta ya fito, kuma Microsoft kansa yana da shafi mai suna Windows release health inda yake lissafa matsalolin da aka gano. Ranar Juma'a bayan la'asar ko ranar Asabar, lokacin da aiki ya lafa, sai ka danna Resume updates kana zaune a gabanta, caja a jone. Kada ka wuce mako guda ba tare da dalili ba. Da zarar gyara ya fito, ɓarayin intanet ma suna nazarinsa su gano ramin da aka toshe, su nemi waɗanda ba su toshe nasu ba.

A wannan shafin akwai wani maɓalli, Get the latest updates as soon as they're available. Kashe shi. Wannan na masu son ganin sabon abu kafin kowa ne, kuma shi ke jawo maka sabuntawar gwaji da kan fito wajen ƙarshen wata. Duk wadda ka ga an rubuta Preview a sunanta, ƙyale ta, abin da ke cikinta zai zo maka a wata mai zuwa. Sannan a Advanced options ka saita Active hours da hannunka. Tana karɓar har awa 18, kuma a cikin waɗannan awannin ba za ta kashe kanta ta sake tashi ba. In ka bar ta ta zaɓa da kanta, za ta bi al'adarka ta watannin baya, alhali a Ramadan aikinmu duk dare yake komawa.

Idan lokacin aiki ya zo da tsawo

Ɗauki misalin wanda ke riƙe da jerin sunayen alhazai da ɗakunansu a wani masauki, a Hajjin 2025. Ranar Arfa ta kama 5 ga Yuni. Talata ta biyu a watan Mayu ita ce 13 ga wata, ta Yuni kuma 10 ga wata, daidai lokacin da alhazai ke shirin tafiya Madina ko komawa gida, kwamfutar ba ta da hutu. Abin da ya dace ya yi shi ne ya saka gyaran Mayu ranar Asabar 17 ga wata, ya sake tayar da kwamfutar, ya gwada firinta da manhajar aikinsa. In komai lafiya, a ranar ya dakatar da sabuntawa na mako biyar, wato kwana 35. Wannan zai kai shi 21 ga Yuni. Ya shiga kwanakin Hajji da cikakken gyara, abin da zai jinkirta shi ne na 10 ga Yuni kaɗai, kuma ko ya kai ƙarshen wa'adin kwana 11 ne. In ya sami sarari ranar 14 ga wata, ya saka a lokacin ya fi.

Inda masu koyo ke kuskure shi ne su dakatar tun farkon Mayu ba tare da sun lissafa ba. Wanda ya danna mako biyar ranar 1 ga Mayu, wa'adinsa zai ƙare ranar 5 ga Yuni, ranar Arfa, kuma idan wa'adi ya cika sai ta sabunta kafin ta yarda a sake dakatar da ita. Ga shi kuma ya tsallake gyaran Mayu. Ka riƙa ƙirgawa daga ranar da kake son ta ƙare, ka dawo baya.

Batun data kuma, wanda yake jona kwamfuta da wayarsa ya san zafinsa, don gyaran wata ɗaya kan iya haura giga guda. Shiga Network & internet, ka buɗe bayanan wannan Wi-Fi ɗin, ka kunna Metered connection. Za ta daina sauke yawancin abubuwa ta wannan layin, sai ka sami na gida ko na ofis. Amma kar ka mai da shi dabarar hana sabuntawa har abada. Mutum yakan manta, wata shida su wuce.

Burauza ban yarda a taɓa ta ba. Chrome ko Edge, bar su su sabunta kansu, in sun ce a sake buɗe su ka yi a ranar, da su kake shiga banki da Absher.

Ranar sakawa, da abin yi in ta ɓaci

Kwafi fayilolin aikinka zuwa filash ko rumbun waje tukuna. Rubuta Create a restore point a Start, ka tabbata kariyar C: a kunne take, ka danna Create. Abin da wannan yake mayarwa shi ne saitin Windows, ba ya dawo da takardunka, don haka bai maye gurbin filash ɗin ba.

In bayan sabuntawa firinta ta daina aiki ko wata manhaja ta ƙi buɗewa, fara da sake tayar da kwamfutar sau ɗaya. In abin bai tafi ba, je Windows Update, Update history, Uninstall updates, ka cire wadda ke ɗauke da kwanan ranar, ka rubuta lambarta mai farawa da KB, sannan ka dakatar na mako ɗaya don kar ta dawo a daren. Idan babbar sabuntawa ce ta shekara, wadda ke canza lambar Windows ɗin da kake gani in ka rubuta winver a Start, kwana 10 kake da su ka koma ta System, Recovery, Go back, kuma kar ka goge babban fayil ɗin Windows.old a cikin kwanakin nan, da shi ake komawa.

Wanda kuma har yanzu yake kan Windows 10, tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Ya shiga Windows Update ya duba ko kwamfutarsa za ta ɗauki 11, amma ya rubuta lambobi 48 ɗinsa kafin ya danna komai.