Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta rahoton hoto da tamfilet

Maganar gaskiya likitan da ya turo mara lafiya hoto, yawanci ƙasan rahoto yake tsallakawa kai tsaye ya karanta IMPRESSION, wato hukuncin ƙarshe, sai in wani abu ya ɗaure masa kai sannan ya koma sama ya duba FINDINGS, inda aka jera abin da aka gani. In ka riƙe wannan a ranka rabin kurakuran nan ba za ka yi su ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne rubutun da tamfilet ke zuwa da shi tun asali. Ka buɗe na CT ɗin ciki za ka tarar an riga an cike komai, hanta lafiya, saifa lafiya, matsarmama lafiya, ƙoda lafiya, kai kuma aiki ya yi maka yawa sai ka gyara layin da ka ga matsala kawai ka bar sauran yadda suke. Na taɓa sa hannu a rahoton da ya ce matsarmamar wata mata lafiya ƙalau, alhali an cire mata ita da tiyata tun da daɗewa, ga ƙananan kilif na ƙarfe nan suna haske fes a gurbin. Likitan tiyata ya kira ni, bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, to sauran layukan ma haka aka duba su? Wallahi ban samu abin cewa ba. Tun daga ranar ba na barin layi sai idona ya sauka a kan sashen jikin da layin ke magana a kai, kuma in kuna da ikon gyara tamfilet ɗinku ku sa guraben su zo fanko ko da alamar da ba za ta bari a sa hannu ba sai an taɓa ta.

Sai masu kwafe FINDINGS gaba ɗaya su liƙa a ƙasa. Ai aikinsu ba ɗaya ba ne, sama bayanin abin da ido ya gani ne da awo da wuri, ƙasa kuma hukuncinka ne, me wannan ke nufi, me za a yi. A ce mutum mai shekara 50 ya zo da ciwon mara ta dama, takardar neman hoto na tambaya ko afendis ne. A sama ka rubuta afendis ya kumbura ya kai milimita 11, alhali in ya haura 6 ake fara zargi, kitsen da ke kewaye da shi ya yi hazo-hazo, ba ƙurji mai mugunya, ba iskar da ta tsere cikin ciki. Can a gindin huhun hagu kuma ka hango wani ɗan ƙullutu mai milimita 7. Ƙasan rahoton haka ya kamata ya fito:

```
IMPRESSION:
1. Acute appendicitis. No abscess or perforation.
2. 7 mm solid nodule, left lower lobe. Chest CT in 6-12 months.
```

Lamba ta ɗaya ta amsa tambayar da aka yi maka, kuma ita ce ta gaggawa, shi ya sa ta zo farko. Da yawa suna jera abubuwa ne yadda tamfilet ya jero sassan jiki, huhu, hanta, saifa, sai ka ga afendis ɗin da ke neman tiyata yau ya koma lamba ta biyar ƙarƙashin wata 'yar jakar ruwa a ƙoda da ba ta damun kowa. Irin wannan jakar ma barinta za ka yi a sama abinta.

Amma ƙullutun huhun nan fa kar ka kuskura ka bar shi a FINDINGS kaɗai, don za a yi tiyata a sallami mutum ba wanda ya gan shi. Kuma kar ka ce a bibiya kawai ka yi shiru, faɗi da wane hoto kuma yaushe. Wata 6 zuwa 12 ɗin nan daga ƙa'idar bibiyar ƙullutun huhu ta Fleischner ta 2017 take, ta ƙullutu ɗaya mai tauri daga milimita 6 zuwa 8, kuma ba ta shafi ɗan ƙasa da shekara 35 ko mai ciwon daji ko mai raunin garkuwar jiki ba, don haka ka leƙa tarihin mara lafiya kafin ka rubuta. In akwai tsohon hoto ka buɗe shi ka sa kwanan watansa a COMPARISON, wataƙila ƙullutun ya yi shekaru a nan bai motsa ba.

Akwai kuma kishiyar haka, abu ya faɗo a ƙasa ba a ambace shi a sama ba, mai karatu ya koma neman awo ya rasa.

Dama da hagu kuwa, sama ta ce hagu ƙasa ta ce dama, ya fi faruwa ga masu faɗa da baki na'ura na rubutawa. Ni kafin in sa hannu daga ƙasa nake karantowa, kowace lamba in nemo layinta a sama, in duba ɓangare da awo sun zo ɗaya, sannan in sake kallon hoton. Kuma afendis irin wannan ba na jiran a buɗe rahoto, waya nake ɗauka in kira likitan, in rubuta sunansa da lokacin da muka yi magana a ƙarƙashin IMPRESSION.