Kurakuran karanta jel bayan an yanka filasmid

Wata ɗaliba 'yar Makka da muke aiki tare a ɗakin gwaji a nan Jidda ta kawo mini hoton jel ɗinta, wanda ake ware guntayen DNA a cikinsa bisa tsawonsu, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, layi biyu nake jira, ga uku sun fito. Ko dai aikin ya lalace?" Aikinta lafiya lau yake, karatun ne ya ba ta wuya.

Filasmid ɗinta, wato ƙaramin zoben DNA, pUC19 ne, tsawonsa 2686 bp, ma'ana tagwayen haruffan DNA 2686. Ta saka guntun DNA mai 1200 bp tsakanin wuraren yankan enzayim biyu masu yanka DNA, EcoRI da HindIII. Tazarar wuraren biyu 51 bp ce, ita ake cirewa kafin a saka sabon guntu, don haka gangar jikin ta koma 2635, duka kuma 3835. Idan aka yanka da enzayim biyun, 2635 da 1200 za a gani. Wannan lissafin ya kamata ya shiga littafi tun kafin a zuba jel, amma yawancinmu sai hoto ya fito muke fara shi.

Layinta na uku yana can sama, ƙasa kaɗan da alamar 4 kb, wato 4000 bp. Na ce ta tara layukan ƙasa biyu, ta samu 3835, daidai da na saman. Ma'ana wasu ƙwayoyin filasmid ɗin wuri ɗaya kawai aka yanka su, sun miƙe amma guntun bai fita ba. Yanka ne bai kammala ba. Alamarsa ita ce jimillar layukan ta zarce girman filasmid ɗin, kuma layin da ya ƙaru ya yi daidai da haɗin wasu biyu. Gyaransa a rage DNA zuwa kamar 500 ng, a ba shi cikakkiyar awa ɗaya a 37 °C, a tabbatar bafa, ruwan da enzayim ke aiki a ciki, ta dace da enzayim biyun. Idan gishiri ko itanol ya rage daga wankin filasmid, a sake tsabtace shi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne auna filasmid da ba a yanka ba da tsanin awo. Tsanin nan miƙaƙƙun guntaye ne da aka san tsawonsu, miƙaƙƙen DNA kawai yake aunawa. Filasmid kuwa zobe ne, kuma kama uku yake fitowa. Wanda ya murɗe kamar igiyar da aka tufka ya dunƙule, yana ratsa ramukan agaros da sauri, sai ya sauka ƙasa da inda girmansa yake. Wanda silinsa ɗaya ya tsinke ya saki, ya zama buɗaɗɗen zobe, yana jan jiki a sama. Miƙaƙƙen yakan tsaya a tsakani. Duka ukun tsawonsu ɗaya. Na sha ganin an zubar da bakteriya mai ɗauke da filasmid mai kyau don murɗaɗɗen ya bayyana "ƙarami". Shi ya sa nake dagewa a sa wanda ba a yanka ba a rijiyar jel ta kusa, sannan wanda aka yanka da enzayim ɗaya a ta gaba. Layin da ya yi kafaɗa da na rijiyar farko, mai yiwuwa saura ne da enzayim bai taɓa ba.

Sai batun haske. Rinin da ke haskaka layukan yana bin nauyin DNA ne, don haka gajeren guntu dole ya fi dusashewa. A cikin 500 ng na filasmid ɗinta, kusan 344 ng na babban layi ne, 156 ng na ƙaramin. Idan ƙaramin ya kai babban haske, a yi zargin guntaye biyu masu kusan tsawo ɗaya sun hau kan juna, musamman idan jimillar ta gaza. A ƙara lokacin gudu, a rage wuta, ko a canza kaurin jel. Guntun 51 bp na pUC19 marar komai kuwa bai kai 10 ng ba, kada a sa ran ganinsa a jel mai kashi 1 cikin 100. Layi ɗaya tilo kusa da 2.7 kb yana nufin guntun bai shiga ba.

Da ta tashi maimaitawa sai ta so ta ninka enzayim sau uku. Na hana. Enzayim yana zuwa cikin gilisarol kashi 50, idan ya wuce kashi ɗaya cikin goma na haɗin, gilisarol ya haura kashi 5, EcoRI yakan fara yanka wuraren da suka yi kama da `GAATTC` kawai. Sai ƙananan layuka barkatai su fito, waɗanda ba su cikin taswira. A haɗin 20 µl, enzayim biyun gaba ɗaya kada su wuce 2 µl.

Ta sa 0.5 µl na kowanne, ta rage DNA, ta bar shi daga azahar zuwa la'asar. Layuka biyu suka fito, 2635 da 1200, na ƙasan da kusan rabin hasken na saman.