Darasi na 7: Yadda sabunta kwangilar ɗanyen mai ke cin jari ko ƙara shi

A kasuwar NYMEX ta Amurka ana cinikin wani nau'in ɗanyen man ƙasar da ake kira WTI da alƙawarin kawo shi a wani wata mai zuwa. Kowace kwangila ganga 1,000 ce, ana kuma miƙa man a garin Cushing na jihar Oklahoma. Mai zuba jari dai ba mai yake so ba, riba yake nema. Saboda haka kafin wa'adi ya cika sai ya sayar da kwangilar da ke hannunsa, ya sayi ta wata na gaba. Wannan shi ne sabuntawa.

Idan farashin wata na gaba ya fi na kusa tsada, 'yan kasuwa na kiran yanayin kwantango. Yawanci kuɗin ajiya da inshora da kuɗin ruwa ne ke haddasa shi, kamar yadda mai ɓoye masara tun kaka yake lissafa hayar sito.

Mu yi lissafi. Rabonka a wani asusun jari ya kai ganga 104, kowace dala 50, wato dala 5,200. Wata na gaba yana dala 52, don haka kuɗinka ganga 100 kawai zai saya. Lura da kyau, ranar sabuntawa ba ka yi asarar ko sisi ba, dala 5,200 ɗinka tana nan. Asarar a hankali take shigowa. Yayin da wa'adi ke matsowa, farashin kwangila yakan gangaro ya haɗu da farashin mai na nan take. In mai ya tsaya a dala 50, abin hannunka ya koma dala 5,000. Aka yi haka wata 12 a jere, fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarinka ya tafi, alhali farashin mai bai motsa ba. Wannan ne ya fi damuna, domin mutane da yawa farashin da ake faɗa a labarai kaɗai suke bi.

An ga mafi munin hakan a Afrilun 2020, lokacin korona. Wurin ajiya a Cushing ya yi ƙaranci, har ranar 20 ga wata kwangilar Mayu ta rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili, ta Yuni kuwa tana wajen dala 20.

Akasinsa shi ne bakwadeshan: na kusa ya fi tsada saboda ana ƙarancin kaya yanzu, kamar a 2022 bayan Rasha ta mamaye Ukraine. Ka sayar da ganga 100 a dala 52, ka sayi 104 a dala 50. In mai ya tsaya a 52, ka ci dala 208. In kuwa ya sauka zuwa 50 yadda kasuwa ta hango, babu riba.

Aikin gida: kana da ganga 63 a dala 60, wata na gaba yana dala 63. Ganga nawa za ka samu? Nawa za ka rasa in mai ya tsaya a 60?